Layi 400 Cikin Rabin Miliyan: Yadda Ake Auna Kuskuren Na'ura Bayan Ta Kwafe Jadawali

A watan Agustan 2013 wani Bajamushe masanin kwamfuta, David Kriesel, ya bayyana abin da ya gani a wani zanen gini da aka ɗauki hotonsa da injin Xerox. Ɗakuna ne masu girma daban-daban, amma a kwafin da injin ya fitar an rubuta musu faɗi iri ɗaya. Da ya gwada injin da wani jadawalin kuɗi, sai ya ga lamba 6 ta koma 8 a wurare da dama. Lambobin ba su dusashe ba, ba su karkace ba, tsaf suka fito kamar haka aka buga su tun asali. Laifin na wata dabarar matse hoto ce mai suna JBIG2, wadda kan ajiye siffa ɗaya ta maimaita ta duk inda ta ga mai kama da ita. Kamfanin ya amsa matsalar, ya kuma fitar da gyara.

Abin da ke tayar da hankali a labarin shi ne kuskuren na'ura ba ya zuwa da tabo. Magatakarda in ya yi kure yakan soke, ko hannunsa ya nuna shakka. Na'ura kuwa da fuska ɗaya take fitar da daidai da ba daidai ba.

Yau ma'aikatu da bankuna da gidajen adana tarihi a ƙasashe da yawa suna ɗaukar hoton tsofaffin takardu, su miƙa wa manhajar karanta rubutu, wadda ake kira OCR, ta mayar da su jadawalin kwamfuta. Wasu kuma tsofaffin fayiloli suke juyawa zuwa sabon tsari. Aikin na iya kammaluwa cikin 'yan kwanaki. Daga nan sai tambayar da ba makawa ta taso: layi nawa ne suka lalace a hanya?

Domin a ga yadda ake amsa ta, a ɗauki misali na ƙiyasi. Wata ma'aikata tana da littattafan albashi na shekaru masu yawa, shafi 20,000, kowane shafi da layi 25, wato layi 500,000. Kowane layi na ma'aikaci ɗaya ne a shekara ɗaya: lambar fayil, suna, albashin wata goma sha biyu, sai jimla a ƙarshe. Da waɗannan alƙaluma za a lissafa fanshon mutane. In mutum ɗaya zai bi layukan nan ɗaya bayan ɗaya, minti ɗaya kowanne, awa takwas a rana, sai ya yi kwanakin aiki sama da dubu, kimanin shekara huɗu. Idan za a yi haka, ina amfanin na'urar?

Mafita ita ce samfuri. Mai sayen hatsi a Dawanau ba ya zazzage buhu ya ƙirga ƙwaya. Yakan soka ƙarfe ya zaro kaɗan a tafin hannu. Amma ya san abin da wasu masu duba jadawali kan manta: ba a bakin buhu ake sokawa ba, don nan ne ake ɗora mai kyau.

A fara da yarda a kan abin da ake kira kuskure

Kafin a zaɓi layi ko ɗaya, sai an rubuta a takarda abin da za a ƙirga a matsayin kuskure. Da wannan ƙaramin aiki ne ake kauce wa gardamar da ta fi kowace zafi tsakanin ma'aikata da ɗan kwangila.

Ɗan kwangila zai ce manhajarsa na karanta kashi 99 cikin 100 daidai, kuma mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Sai dai shi gurbi-gurbi yake ƙirgawa, ita kuwa ma'aikata layi sukutum take bukata. Layi mai gurbin wata goma sha biyu sai duka sha biyun sun yi daidai kafin ya amfanar. In kowane gurbi yana da damar kashi 99, kuma kurakuran ba su da alaƙa da juna, damar layin ya fita lafiya ita ce 0.99 a ninka shi da kansa sau goma sha biyu, wato kusan kashi 89. Ma'ana, layi goma sha ɗaya cikin kowane ɗari yana ɗauke da lamba aƙalla ɗaya da ba daidai ba. Lissafi biyu, duka gaskiya, amma ɗaya ne kawai ya shafi dattijon da ke jiran fanshonsa.

Kurakuran ma ba nauyinsu ɗaya ba. Akwai na kama: 1 da 7, 3 da 8, sifili da harafin O. Akwai ɗigon desimal da ya ɓace, 45.50 ta zama 4550. Akwai sifilin farko da manhajar Excel kan zubar in ta ɗauki lambar fayil a matsayin adadi, 00417 ta koma 417, kamar yadda take yi wa lambobin waya masu farawa da 080. Ga kuma matsalar da Hausa ta sani sarai: ƙ da ɗ da ɓ, waɗanda manhajar da ba a horar da ita da su ba kan mayar k da d da b, ko ta sa wata alamar banza a gurbinsu. Shin Ɗanladi da ya koma Danladi kuskure ne? A wajen masanin harshe, i. A wajen lissafin fansho, wataƙila ƙarami ne, muddin lambar fayil na nan daidai. Hanya mai kyau ita ce a kasa su gida biyu, masu taɓa kuɗi ko shaidar mutum, da waɗanda ba sa taɓawa, a ƙirga kowanne daban.

Ƙuri'a, ba ido ba

Yanzu zaɓe. In aka ce wa ma'aikaci ya ɗauko wasu layuka ya duba, hannunsa zai tafi ga littafin da ke saman kanta, ga shafukan farko, ga rubutun da ke karantuwa ba wahala. Ba ha'inci ba ne, halin ɗan Adam ne. Amma littafin da ruwa ya taɓa, wanda ke can ƙasa a ɗaure da igiya, shi ne ya fi ba na'urar wahala, kuma shi ne ba zai shiga hannunsa ba.

Don haka ake barin zaɓen ga ƙuri'a. A ba kowane layi lamba daga 1 zuwa 500,000, a sa kwamfuta ta zaro 400. A Excel akan cika jeri ɗaya na tsaye da `=RAND()`, a daskarar da sakamakon, a jera layukan bisa shi, a ɗebi 400 na sama. A Python kuwa layi uku ne:

```python
import random
random.seed(7391)
samfuri = random.sample(range(1, 500001), 400)
```

Lambar da ke cikin `seed` ana ajiye ta a rahoto, don duk wanda ya yi shakka ya sake jefa ƙuri'ar ya ga layukan nan dai za su fito. Sannan akwai ƙa'idar da ba a sassauta ta: layin da ƙuri'a ta faɗa wa, shi za a duba. In littafinsa yana wani ɗakin ajiya a wani gari, a je. Da zarar an fara musanya mai wuyar samu da mai sauƙi, an koma bakin buhu.

A ce an duba 400 ɗin, minti biyar kowanne har da neman shafi, aikin kwana huɗu zuwa biyar. An sami 12 masu babban kuskure. Wato kashi 3 cikin 100, kimanin layi 15,000 a dukan tarin.

Amma da an sake ƙuri'ar, da wataƙila 9 za a samu, ko 16. Saboda haka ba a faɗin kashi 3 shi kaɗai, sai an haɗa da tazararsa. Lissafin da aka saba shi ne `1.96 * sqrt(p * (1 - p) / n)`, inda p ke nufin rabon kuskuren da aka gani, n kuma yawan layukan da aka duba. A nan amsar ta kusa 1.7. Ke nan gaskiyar tana tsakanin kashi 1.3 da 4.7, layi 6,500 zuwa 23,500. Ma'anar wannan tazara ita ce, da za a maimaita aikin sau ashirin da sabuwar ƙuri'a, kimanin sau goma sha tara tazarar da aka fitar za ta kama adadin gaskiya. In kurakuran da aka gani kaɗan ne ƙwarai, wannan lissafi kan yi rauni, sai a koma ga wanda Edwin Wilson ya fitar a 1927. A misalin nan nasa zai ba da 1.7 zuwa 5.2.

Abubuwa biyu a nan kan ba mutane mamaki. Na farko, girman tarin bai shiga lissafin ba ko kaɗan. Layi 400 za su ba da kusan wannan tazarar ko tarin dubu ɗari biyar ne ko miliyan hamsin. Mai girki ba ta ƙara girman cokalin ɗanɗano don tukunya ta ƙara girma. Abin da take tabbatarwa shi ne ta juya miyar sosai, kuma ƙuri'a ita ce juyawar. Na biyu, ƙarin tabbaci yana da tsada. Don a rage tazarar da rabi, daga 1.7 zuwa wajen 0.8, sai an duba layi 1,600, ninki huɗu.

To, in ba a ga kuskure ko ɗaya ba fa? A nan ne aka fi yaudarar kai. Akwai wata gajeriyar dabara da James Hanley da Abby Lippman-Hand suka yaɗa a wata mujallar likitanci a 1983: in an duba abu n ba a ga matsala ba, a raba 3 da n, abin da ya fito shi ne iyakar da matsalar ke iya kaiwa. Layi 300 masu tsabta suna cewa kuskuren da wuya ya wuce kashi 1. A tarin rabin miliyan, kashi 1 layi 5,000 ne.

Kuskure ba ya tafiya shi kaɗai

Jawo littafi 400 daga kanta akwai gajiya, don haka wani zai kawo shawara mai kama da hikima: a zaɓi shafi 16 a duba dukan layukansu, ai 16 sau 25 ma 400 ne. Ba ɗaya ba ne.

Babbar ɓarnar da na'ura ke yi wa jadawali ba ta harafi ɗaya ba ce. In shafi ya ɗan karkace a hoto, ko zanen da ya raba jeri da jeri ya dusashe, sai manhajar ta tura albashin Maris gurbin Afrilu, na Afrilu gurbin Mayu, tun daga saman shafi har ƙasa. Layi 25 sun lalace a tare, kuma kowace lamba an karanta ta daidai, mazauninta ne kawai ya sauya. Ga irin wannan ɓarna, wanda ya duba shafi 16 abu 16 ya gwada, ba 400 ba. In duka suka fita lafiya, abin da zai iya cewa kawai shi ne da wuya shafukan da suka lalace su wuce ɗaya cikin shida. Wannan ba magana ce da za a biya fansho a kanta ba. In dole sai an rage zirga-zirga, gara layi biyu daga shafi 200 da layi 25 daga shafi 16.

Haka kuma tarin ba jinsi ɗaya ba ne. A ce layi 450,000 an buga su da tafireta, 50,000 na tsofaffin shekaru kuma rubutun hannu ne. Ƙuri'a ta bai ɗaya za ta kawo wajen 40 kacal daga na hannun, waɗanda ba su isa a ce komai a kansu ba. Sai a raba tarin gida biyu, a jefa wa kowanne tasa ƙuri'ar, 300 nan, 300 can. A ce an sami 6 a na tafireta, kashi 2, da 36 a na hannu, kashi 12.

Ga tarkon: in aka haɗa 42 aka raba da 600, sai a sami kashi 7, wanda ba daidai ba ne, don an ba rubutun hannu rabin murya alhali ushirin tarin ne. Daidai shi ne kowane gida a auna shi da girmansa. Kashi 2 na 450,000 layi 9,000 ne, kashi 12 na 50,000 layi 6,000, jimla 15,000, kashi 3 kamar dā. Amma yanzu ma'aikatar ta san abin da ba ta sani ba: biyu cikin biyar na dukan ɓarnar suna cikin ushirin littattafan. Nan ya kamata kuɗin gyara ya fara zuwa, a sa mutane su sake shigar da 50,000 ɗin da hannu.

Layin da bai iso ba

Akwai kuskuren da duk wannan lissafi ba zai taɓa gani ba, kuma Ingila ta ɗanɗana shi a lokacin korona. Tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoban 2020, sakamakon mutum 15,841 da suka kamu da cutar bai shiga ƙididdigar hukumar lafiyar jama'a ta ƙasar ba. Ɗakunan gwaji suna aiko da sakamako a fayilolin CSV, wani tsari mai sarrafa kansa yana zuba su cikin tsohon nau'in fayil na Excel, XLS, wanda ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536. Duk abin da ya wuce nan sai ya zube, ba tare da wani ya lura ba na kwanaki. Dubban mutanen da suka yi cuɗanya da masu cutar ba a neme su a kan lokaci ba.

Da wani ya zaɓi layi dubu daga fayil ɗin ƙarshe ya gwada da na asali, da duka sun yi daidai. Ƙuri'ar da aka jefa a kan abin da ya iso ba za ta faɗa wa wanda ya ɓace a hanya ba.

Shi ya sa dubawa take da fuska biyu. Ɗaya daga kwamfuta zuwa takarda, wadda ke kama lambar da ta sauya da layin da aka maimaita ko aka ƙago daga tabon tawada. Ɗaya kuma daga takarda zuwa kwamfuta: a zaɓi littafi da shafi da layi ta ƙuri'a daga jerin kayan ɗakin ajiya, a je a nemi wannan mutum a sabon jadawalin. Layin ƙarshe na shafi, wanda ya faɗa cikin naɗin ɗinki, da sunan da aka ƙara da biro a gefe, su ne suka fi ɓacewa. Kafin ma a kai ga haka, a ƙirga: shafi nawa aka ɗauka, layi nawa suka fito. Shafin da ya ba da 24 maimakon 25 ya tona kansa. Fayil ɗin da ya tsaya cak a kan 65,536, ko 1,048,576 wanda shi ne iyakar sabon Excel, abin tuhuma ne nan take.

Jimlar da tsofaffin magatakarda suka rubuta a ƙarshen kowane layi ma taska ce. Kwamfuta na iya tara wata goma sha biyu ta gwada da jimlar a dukan layi 500,000 cikin daƙiƙoƙi, ta ware waɗanda ba su dace ba. Wannan ba ya maye gurbin samfuri, domin watanni biyu da suka yi musanyar gurbi jimlarsu ba ta sauyawa, suna da lambar fayil kuma ba su da jimla. Kuma layukan da aka ware ta wannan hanya na gyara ne, ba a cusa su cikin ƙuri'a a lissafa kaso da su.

Wa ke duba mai dubawa?

Labarin Xerox ya bar darasi na aiki: ma'aunin gaskiya shi ne takardar kanta. In hoton ne ya mayar da 6 ta zama 8, wanda ya gwada jadawali da hoton zai ga sun yi daidai ya wuce. Ko ba za a iya jawo takarda ga kowane layi ba, a jawo ta ga wani kaso na samfurin.

Idon mutum ma yana da nasa rauni. In an nuna masa abin da na'ura ta rubuta aka ce ya gwada, yakan ga abin da aka riga aka gaya masa, musamman bayan awa uku yana kallon lambobi. Gara a ɓoye masa amsar na'urar, ya shigar da layin da kansa daga takarda, kwamfuta ta gwada biyun, mutum na uku ya raba gardama inda suka saɓa. A 2020, lokacin da Ed Hawkins na Jami'ar Reading ya nemi 'yan sa-kai su kwafe tsofaffin alƙaluman ruwan sama na Birtaniya, mutum wajen 16,000 suka kwafe takardu kimanin 66,000 cikin kwana 16, kuma kowace lamba mutum huɗu ne aƙalla suka shigar da ita daban-daban. Ba don an raina su ba. An san hannu da ido suna kure ko da niyya ta yi kyau. Mai dubawar da ke tsallake kuskure ɗaya cikin biyar zai kawo rahoton kashi 2.4 inda gaskiyar 3 ce, kuma tazarar da aka lissafa ba ta san da wannan giɓi ba.

Saura abu ɗaya da son a gama kan sa a tsallake. Kurakurai 12 ɗin nan ba gyara su kawai ake yi ba, karanta su ake yi. In bakwai daga ciki ɗigon desimal ne, an gano cuta guda mai magani guda, sai a gyara manhajar a sake juya tarin gaba ɗaya. Amma bayan gyaran, tsohon samfurin ya gama aikinsa. An yi gyaran ne ana kallonsa, dole ya fito da kyau. Sai sabuwar ƙuri'a da sabuwar lambar `seed`, kuma iyakar da za a karɓa, misali kada saman tazarar ya wuce kashi 1 a kurakuran da ke taɓa kuɗi, a rubuta ta cikin yarjejeniya tun kafin kowa ya ga sakamako.

A ma'aikatar misalin nan, in sabon samfuri na layi 600 ya fito da manyan kurakurai biyu, lissafin Wilson zai ba da tazara daga kusan kashi 0.1 zuwa 1.2. Ya kusa, amma bai shiga ƙarƙashin 1 ba, don haka ko a ƙara layuka bisa tsarin da aka amince da shi tun farko, ko a koma gyara. Ko an haye iyakar ma, kashi 0.3 na rabin miliyan layi 1,500 ne, kuma samfuri ba ya faɗin ko na wane ne. Saboda su ne littattafan asali ba sa barin ɗakin ajiya, kuma kowane layi a sabon jadawalin yake ɗauke da lambar littafi da ta shafin da aka ɗauko shi, don ranar da wani dattijo zai zo ya ce albashinsa na watan Yuli ba haka yake ba, a iya jawo takardar a buɗe a gabansa.